Kilo Sha Biyu na Hajiya

Wata huɗu da rasuwar baban yara aka fara aike na cefane. Ranar Laraba ce.

A lokacin ina wanke-wanke a kicin ɗin Hajiya. Ita ce ke da kwangilar dafa wa ma'aikatan wani kamfanin katifa abincin rana, mutum talatin da shida, kullum ƙarfe ɗaya daidai. Mu uku ne a ƙarƙashinta: Baba Kuku mai girki, da wata da muke ce wa Anti mai zuwa kasuwa, sai ni a bakin famfo. Albashin ba wani abu ba ne. Abin da ya riƙe ni shi ne ɗakin da ke bayan sito. Bayan rasuwa mai gidan hayarmu ya karɓi makullinsa, Hajiya ta ce in shiga ɗakin nan da 'ya'yana mata biyu muddin ina mata aiki. Taga ɗaya gare shi, warin albasa ba ya barinsa, amma yana da ƙofa da sakata. Ba ni da wani wurin da ya wuce shi.

A ƙofar sito akwai sikeli a kan tebur, mai faranti a sama da allura a fuska. Duk abin da ya shigo daga kasuwa sai ya hau shi kafin ya shiga tukunya. Hajiya ba ta yarda da baki ba, ba ta yarda da takarda ba. Takan ce takarda kowa na iya rubutawa.

Mako guda kafin Larabar nan, Anti ta dawo da kifin ƙanƙara a buhu, buhun na ɗigar ruwa. Kilo sha biyu aka aike ta. Allura ta tsaya a goma da rabi. Anti ta yi rantsuwa, ta kawo takardar mai kifi, ta durƙusa. Shekara shida tana aiki a wurin. Hajiya ta sa mai gadi ya zazzage jakarta a gabanmu, har da ɗan kwalinta da maganin hawan jini, sannan ya raka ta bakin ƙofa. Ni ina tsaye da soso a hannu, kumfa na gangaro mini a gwiwar hannu.

Kwana shida Hajiya na zuwa kasuwa da kanta a mota. Ta gaji. Ranar Laraba da sassafe ta kira ni.

“Maman yara, ajiye wanke-wanken nan. Kifi kilo sha biyu. Kilo dubu uku ne, ga dubu talatin da shida, ga na mota. Ƙarfe goma ki kasance a nan.”

“Hajiya, ni ban taɓa sayen abu a kilo ba.”

“To yau ki fara. Allura dai za ki kalla. In ta kai sha biyu ki biya.”

“Ko Baba Kuku ya je?”

“Wa zai dafa mini shinkafa? Ke?” Ta dube ni sama da ƙasa. “Kin ga abin da ya faru da waccan. Ba na son in maimaita.”

Gaskiya na faɗa mata. Shekara sha ɗaya ina gidan aure, baban yara ke kawo babban cefane. Ni iyakata in sayi kifi uku ko huɗu a hannun masu tire, in taya, a rage mini, a gyara mini in kawo gida. Sikeli ɗaya na sani a rayuwata, na asibiti, wanda ake ɗora baban yara a kai duk Litinin lokacin jinyarsa. Na ga allura a sittin da biyu, na gan ta a hamsin da biyar, na gan ta a arba'in da bakwai. Daga nan suka daina ɗora shi. A can na koyi karanta allura, na san tsakanin kilo da kilo layi goma ne. Tun lokacin ba na son ganin sikeli.

Baba Kuku ya miƙo mini babbar roba mai murfi maimakon buhu. Tsoho ne mai son zolaya, amma ranar bai yi dariya ba.

“'Yar nan, kowane faranti kifi ɗaya. Uku-uku ke shiga kilo, shi ya sa ake sayen sha biyu. Kada ki kawo mini ƙatti guda ashirin in rasa yadda zan raba wa mutane.”

Na ƙulle kuɗin a bakin zani, na sake ɗaura wani a kai. Babbar 'yata tana shirin makaranta, ta ce, “Umma, ina za ki da roba?” Na ce kasuwa. Ta ce, “Kamar Anti?” Na ɗauki robar na fita.

Layin masu kifi yana can ƙarshen kasuwa, inda ƙasa ba ta bushewa. Shagon mai kifin ƙanƙara shi ne na farko, da manyan firiza guda uku da sikeli a kan kanta. Wani ƙato ne mai rigar leda. Na ce masa daga wurin Hajiya nake, kilo sha biyu.

“Ina doguwar nan mai surutu?”

“Ta bar aiki.”

“Allah sarki. To kilo yau dubu uku da ɗari huɗu.”

“Dubu uku aka ce mini.”

“Jiya ke nan. Motar kaya ba ta shigo ba. Ki zagaya duk layin, in kin samu a dubu uku ki dawo ki sayar mini.”

Na zagaya. Shago huɗu, bakinsu ɗaya. Na dawo na tsaya a gefe ina lissafi da yatsu. Kilo goma zai ci dubu talatin da huɗu, saura dubu biyu, abin da za ta saya rabin kilo ne da ɗan ɗoriya. Goma da rabi ke nan. Daidai inda allurar Anti ta tsaya.

Ina tsaye wata mata ta zo ta sayi kilo biyu. Na kalli yadda yake yi. Ya ɓalle kifin daga kwali da guduma, kowane ɗaya sanye da rigar ƙanƙara fari fat, wasu ma da dunƙulenta a manne a ciki. Haka ya ɗora su a faranti. Na ce masa, “Malam, har ƙanƙarar ake aunawa?”

“Haka na saye shi, haka zan sayar. Ni ma ba a karkaɗe mini ba.”

“To in ta narke a hanya fa?”

“Ruwa ne, sai ki sha.” Mutanen shagon suka yi dariya. “Yanzu dai, za ki saya ko inuwa kika zo sha?”

Na ce ina zuwa. Ƙafafuna suka ɗauke ni zuwa inda na saba, wurin mata masu ɗanyen kifi a tire. Su ba su da sikeli. Da ƙirge suke sayarwa, ko su kasa. Wata dattijuwa mai faɗin fuska tana da baho biyu cike, irin kifin da muke dafawa, da safen nan aka kawo. Na ɗaga ɗaya, idonsa garau, cikin kansa ja, na danna jikinsa naman ya dawo.

“Nawa, Inna?”

“Dubu da ɗari biyu, ƙanwata. Guda nawa?”

“Talatin da shida.”

Ta ajiye wuƙar hannunta ta gyara zama. “Biki kike yi ba ki gayyace ni ba?”

“Aike ne. Amma a kilo aka aike ni.”

“Kilo na masu firiza ne, su sayar miki da ruwa. Ni nawa ido ke saye. Kalle shi, wannan ya yi miki kama da na dubu?”

A nan tsoro na biyu ya kama ni. In na saya da ƙirge na saɓa wa Hajiya, kuma ban san nauyin da zan kai mata ba. Ido na ruɗi. Na san halin tire, manya a sama, 'yan ƙanana a ƙasa. Kifi talatin da shida na iya zama kilo sha huɗu, yana iya zama tara. In na saya a kilo kuwa na riga na san ƙarshena.

A bayan Inna akwai mai albasa da sikelin rataye, mai ƙugiya. Na ce mata, “Ki ba ni uku in auna a wancan.”

“Ki ɗauka. Ga waɗannan.”

Ta zaɓo mini manyan sama. Na ce a'a, na cusa hannu har ƙasan baho na zaro uku matsakaita. Ta ce, “Ke kam wa ya haife ki?” amma ta bar ni. Mai albasa ya yi ƙorafin ƙarni, ya ce in sa a leda. Na lura da allurarsa kafin ya rataya, tana kan sifili. Ya rataya. Kilo ɗaya da layi biyu.

Na sa ya sauke ya sake ratayawa. Haka dai.

Na tsuguna na yi lissafi a ƙasa da tsinke. Uku-uku sau sha biyu. Kilo sha biyu ke nan, da layi biyu sau sha biyu, layi ashirin da huɗu. Kilo sha huɗu da wani abu. In ta bar mini dubu-dubu, kuɗin Hajiya ya isa cif, kuma kilo ya faɗo mini a dubu biyu da ɗari biyar, alhali mai firiza na neman uku da ɗari huɗu har da ƙanƙararsa. Na sake yi daga farko don ban yarda da kaina ba.

Ciniki ya ɗauke mu lokaci. Ta ce dubu da ɗari, na ce dubu. Ta ce albarka. Na ɗauki robata kamar zan tafi, alhali ba ni da inda zan je. Ta kira ni.

“Dawo. Amma ni zan ƙirga miki.”

“Ni zan zaɓa, Inna. Ba zan ɗauki manyanki ba, ke ma kada ki ba ni ƙananan. Irin ukun nan kawai.”

“Kin kashe ni da safe.”

Na ajiye ukun a gefe. Duk wanda na ɗauka sai na riƙe shi a hannun dama, ɗaya daga ukun a hagu, in ji ko sun yi daidai. Takan cuso ɗan ƙarami a tsakiya, in mayar, ta ce, “Wannan ai yaron kirki ne, me ya yi miki?” Har muka kai talatin da shida. Na kwance bakin zani na biya. Tun rasuwa ban ji sanyi a raina irin na lokacin ba. Har na fara ganin fuskar Hajiya in allura ta wuce sha huɗu.

Sai Inna ta ce, “In gyara miki? Kyauta, tunda kin yi ciniki babba.”

Na ce, “Allah ya saka.”

Ban yi tunani ba ko kaɗan. Shekara sha ɗaya haka nake amsawa. Duk macen da ta sayi kifi a tire haka take amsawa. Na ma ji daɗi zan rage wa Baba Kuku aiki, ga lokaci ya tafi. Ita da maƙwabciyarta suka sa wuƙaƙe. Su kankare ɓawo, su datse ƙayar baya da jela, su farke ciki, su zaro hanji da jan abin nan na cikin kai, su watsa a wani babban bokiti da duk layin ke zubawa. Da yawa na da ƙwai, tim a ciki, shi ma ya bi bokiti. Ina tsaye ina kallo, har ina yaba saurin hannunsu.

Sai da bas ta yi nisa, robar na kan cinyata, na ji kamar ba ta kai nauyin da na zata ba. Na ɗan ɗaga ta. Na sake ɗagawa. Sannan na tuna bokitin.

Abin da na auna a wurin mai albasa kifi ne da cikinsa. Abin da ke kan cinyata kifi ne fanko. Hanji, ƙwai, ɓawo, ƙaya, jela, na guda talatin da shida. Da bakina na ce a cire, har da godiya.

Nawa ya tafi? Ban sani ba. In kilo biyu ne na tsira da ƙyar. In uku ne na mutu. Na yi ta ƙoƙarin tuna tudun da ya ƙaru a bokitin, amma bokitin kowa da kowa ne. Na ce wa kwandasta ya tsaya, ya buga mota, direba ya taka birki, sai na kasa sauka. Kuɗin motar da ya rage mini na komawa ne kawai, goma kuma ta kusa. Ko na koma kasuwa ma me zan ce, a ba ni hanjina?

“Baiwar Allah, za ki sauka ko gaisawa kika tsayar da mu mu yi?”

“Yi haƙuri, mu je.”

Matar da ke kusa da ni ta ce, “Lafiya? Duk fuskarki ta canza.” Na ce kaina ke ciwo. A raina ina ta kwashe kayan ɗaki. Katifa ɗaya, akwati, risho, buhun kayan baban yara da na kasa bayarwa. Ina zan kai su? Wa zai je ya tare yaran a hanya kada su dawo su tarar ana zazzage jakar uwarsu? Mun wuce mai sayar da ruwan leda, na ce ko in zuba biyu a robar in rufe. Amma Hajiya ba ta auna roba, juye kaya take yi a faranti. In ta ga ruwa kuma, to na zama ɓarauniyar gaske.

Goma da kwata na shiga. Hajiya na zaune a ƙofar sito da waya a hannu.

“Kin makara. Kawo.”

Ta buɗe murfin ta tsaya.

“Wannan ba na firiza ba ne.”

“A'a, Hajiya. Na firiza ya hau, uku da ɗari huɗu. Sai na sayi ɗanye da ƙirge, dubu-dubu, talatin da shida.”

“Da ƙirge.” Ta maimaita a hankali. “Na ce miki da ƙirge?”

“A'a.”

“Baba, zuba.”

Farantin ba ya ɗaukar duka, sau biyu ake yi. Baba Kuku ya zuba rabi. Allura ta yi rawa ta tsaya a biyar da layi bakwai. Ya kwashe ya zuba sauran. Biyar da layi shida. Hajiya ta danna wayarta.

“Sha ɗaya da layi uku. Saura layi bakwai. Dubu biyu da ɗari ɗaya ke nan.” Ba ta ɗaga murya ba. “Ranar farko. Waccan sai da ta shekara shida. Baba, kira mini mai gadi.”

“Hajiya, an gyara shi ne. Da cikinsa ya fi sha huɗu, na auna.”

“Ina cikin?”

“Yana kasuwa.”

“To ni abin da ke gabana nake aunawa.”

Baba Kuku bai tafi ba. Ya ɗaga kifi ɗaya yana jujjuyawa. “Kifi dai kam ya yi kyau,” in ji shi, kamar da kansa yake magana. “Ga shi an rage wa tsoho aiki.”

“Ban tambaye ka ba. Mai gadi na ce.”

Ya fita yana jan ƙafa. Daga inda nake tsaye ina hango ƙofar ɗakinmu, da 'yar rigar ƙaramar da na shanya a kan igiya. Ni ba mai magana ba ce a gaban manya. Amma na ga in na yi shiru yanzu, shi ke nan.

“Hajiya, akwai sauran wanda kika sayo a firiza.”

“Sai aka yi yaya?”

“A ɗauko uku a auna. A narkar, a gyara shi kamar wannan, a sake aunawa. Sai a auna uku daga nawa. In naki ya fi, zan kwashe kayana da kaina, ba sai mai gadi ya taɓa ni ba.”

Sai da maganar ta fita na ji abin da na ce. Naki da nawa. Cefanen da ta yi da hannunta nake cewa a gwada da na mai wanke-wanke. Mai gadi ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa, Baba Kuku na bayansa.

“To,” ta ce. “Don kada ki je kina cewa an zalunce ki. Amma ni zan zaɓa.”

Ta buɗe firiza ta ciro uku masu kyau, a daskare kamar itace. Ta ɗora. Kilo ɗaya cif. Ta dube ni don in gani. Sannan ta zo kan nawa ta sa yatsa tana tonawa, ta ware uku mafi ƙanƙanta ta ajiye a wani kwano. Lissafina na matsakaita ne, ban yi da ƙanana ba.

Baba Kuku ya jefa na firizar a ruwa. Ya ce sai sun yi rabin awa. Aiki ba ya jira, ya wanke sauran nawa ya sa gishiri ya ɗora mai. Hajiya ta ce in koma bakin famfo, na koma. Tukunya ɗaya na yi ta gogewa har ta gaji da ni. Mai gadi ya jawo benci ya zauna a bayana yana kaɗa makullai. Jakata na rataye a ƙusa kusa da kansa. Babu komai a ciki sai katin asibitin baban yara da hotonsa, ban taɓa cire su ba. Na yi ta tunanin za a zazzage su a kan simintin nan mai jiƙa.

Can na ji Baba Kuku ya ce, “Sun saki.” Na juyo. Ya tsame su, sun yi laushi sun ragu. Ya ce a fara aunawa haka kafin wuƙa, Hajiya ta ce ba a yi wannan da shi ba, amma ya riga ya ɗora. Layi takwas da rabi.

“Ikon Allah,” in ji shi. “Layi ɗaya da rabi a kilo guda, ruwa ne. To a sha biyu fa? Ai ke nan ita Anti...”

“Gyara kifi, Baba.”

Ya ɗauki wuƙa. Ya kankare, ya datse, ya farke, daidai yadda aka yi wa nawa. Hajiya na tsaye a kansa kada ya wuce gona da iri. Ya ɗora. Allura ba ta kai layi bakwai ba.

“Naki,” ta ce mini. “Ɗora da hannunki.”

Ɗaya ya suɓuce mini ya faɗi ƙasa. Na ɗauka na ɗora. Na kasa kallon allurar, tayal ɗin bango nake kallo. Baba Kuku ne ya karanta.

“Takwas da rabi. Ƙananan ke nan.”

Mai na ta tafarfasa a kasko. Hajiya ta sauke su, ta duba allura ta koma sifili, ta sake ɗorawa. Ta danna waya ta daɗe tana dannawa. Ni ma na yi nawa a ka. Da an gyara kilo sha biyunta, abin da zai shiga tukunya ɗan sama da takwas ne. Nawa sha ɗaya da layi uku, a kuɗi ɗaya.

Mai gadi ya ce, “Hajiya, in tafi?”

“Tafi.”

Na jira ta ce wani abu. Ta sa wayar a jaka, ta wanke yatsunta a famfona, ta goge da tawul.

“Gobe ma ke za ki,” ta ce. “Wurin matar nan. Amma ni ban san ƙirge ba, kilo na sani. In an gyara, ki ce a ƙulle miki cikin a leda ki kawo. Da shi zan auna.”

“To, Hajiya.”

“Kuma ƙarfe goma na ce, ba goma da kwata ba.”

Ta fita. Na zauna a kan bencin mai gadi. Baba Kuku ya tsamo ɗaya daga na firizar da ya soya, ya sa a murfin tukunya ya turo mini.

“Ci, 'yar nan. Wannan na Hajiya ne, ba ya cika ciki, amma kyauta ne.”

Ban iya ci ba. Na naɗe a takarda na ajiye wa yaran.

Washegari na gaya wa Inna mai kifi a ƙulle mini hanji daban. Ta ce, “Miyar me ake yi da shi a gidanku?” Na ce ba miya ba, aunawa za a yi. Ta kira maƙwabciyarta ta ce ta zo ta ji. Suka yi dariya har da riƙe ciki, amma suka ƙulle mini, leda biyu don kada ya tsiyaye.

Shekara biyu da wata uku na yi ina wannan cefanen. Duk ranar kifi ina shiga bas da roba a cinya da ƙullin hanji a hannu, mutane na matsawa suna toshe hanci. In na iso a ɗora kifi, a ɗora ƙullin, Hajiya ta kalli allura, sannan in ɗauke shi in kai bola a bayan ɗakinmu. Ba a taɓa samun ya gaza ba. Amma ko sau ɗaya ban iya kallon allurar ba sai ta gama rawa wani ya karanta mini.